Minti Nawa na Karatu, Minti Nawa na Hutu, Idan Hankali Ba Ya Daɗewa a Kan Littafi?

Tambaya: Malam, barka da war haka. Ina shirin jarrabawar JAMB a nan Sakkwato. Na gwada tsarin Pomodoro, karatun minti 25 da hutun minti 5, amma kafin minti goma hankalina ya tafi wani wuri, hutun minti biyar ɗin kuma yakan koma rabin awa. Shin in rage lokacin ne, zuwa minti nawa, kuma yaya zan yi da hutun?

Amsa: Barka kadai, ƙanena. Ka rage, kuma kada ragewar ta dame ka, amma kada ka zaɓi sabon adadin da ka. Adadin da zai yi maka aiki sai an aune shi a jikinka, kuma awon ba ya ɗaukar fiye da kwana biyu ko uku.

Yana da kyau ka san inda 25 ɗin ta samo asali, domin mutane da yawa suna riƙe ta kamar wani bincike ne ya tabbatar da cewa haka ƙwaƙwalwar ɗan Adam take. Francesco Cirillo, ɗan ƙasar Italiya, shi ya ƙirƙiro tsarin a ƙarshen shekarun 1980 lokacin yana ɗalibin jami'a da karatu ya gagare shi, ya ɗauko agogon girki mai siffar tumatir ya riƙa saita shi. Shi kansa da 'yan mintoci kaɗan ya fara, ƙasa sosai da 25, sai daga baya, bayan gwaje-gwaje a kansa da waɗanda ya koya wa tsarin, ya tsaya a kan minti 25 na aiki, hutun minti 3 zuwa 5, sannan dogon hutu na minti 15 zuwa 30 bayan zubi huɗu, wato zaman aiki huɗu na minti 25. Matsakaicin adadi ne da ya dace da mutane da yawa, ba ma'aunin kowa ba.

Abin da bincike ya tabbatar shi ne hankali yana raguwa idan aka daɗe a kan abu guda. A 1948 Norman Mackworth ya wallafa gwajin da ya yi wa sojojin saman Birtaniya, inda ya sa su zura wa hannun wani agogo ido na tsawon awa biyu suna jiran lokacin da zai yi tsalle biyu a maimakon ɗaya, ya kuma ga cewa kuskurensu ya ƙaru a fili bayan rabin awar farko. Amma wannan aikin gadi ne maras ɗanɗano, ba karatun Kimiyya ba. Ita kuma maganar da ake yawan yi cewa ɗalibi ba ya iya sauraro fiye da minti 10 zuwa 15, Karen Wilson da James Korn sun bi diddiginta a 2007 suka tarar hujjar da ke bayanta ba ta da ƙarfi, kuma bambancin da ke tsakanin mutum da mutum ya fi abin da maganar ke nunawa. Binciken da ya fi kusa da tambayarka shi ne wanda Felicitas Biwer da abokan aikinta suka yi a Jami'ar Maastricht ta ƙasar Holand, aka buga a 2023. Sun raba ɗalibai kashi uku: masu karatun minti 24 da hutun 6, masu karatun minti 12 da hutun 3, da masu hutawa duk lokacin da suka ga dama. Waɗanda aka bar wa zaɓi sun fi kukan gajiya da rabuwar hankali, alhali ba su fi sauran gama aiki ba, kuma masu minti 12 ba su yi asara ba idan aka gwada su da masu 24. Darasin da nake ɗauka daga nan shi ne, amfanin tsarin yana cikin yanke lokacin tun kafin a zauna, ba cikin lambar 25 ba.

Yanzu ga yadda ake awon. Ka ɗauki darasin da za ka karanta da gaske, ba mai sauƙi don gwaji ba, ka buɗe agogon wayarka a ɓangaren `Stopwatch`, wanda ke ƙirgawa daga sifili zuwa sama, ka kife wayar nesa da hannunka, ka fara. Da zarar ka kama kanka ka fita daga karatun, sai ka duba agogon ka rubuta mintin a gefen takarda. Fita daga karatu tana da alamomi da ba sa ɓuya: ka karanta layi ɗaya sau uku ba ka san me ya ce ba, ko ka kai ƙarshen shafi ba za ka iya faɗin abin da ke samansa ba, ko hannunka ya nufi waya, ko ka tsinci kanka kana tunanin abin da za a ci da dare. Tunanin da ya gifta ya wuce cikin daƙiƙa biyu ba ya cikin lissafi, domin babu mai karatun da hakan ba ya faruwa da shi. Ka yi wannan sau shida, a lokutan da ka saba karatu, cikin kwana biyu ko uku. Ka tuna kuma cewa hankali yakan tafi kafin mai shi ya farga, saboda haka duk adadin da ka rubuta ya ɗan fi na gaskiya tsawo.

Mu ɗauka ka samu 9, 14, 8, 11, 6 da 12. Idan ka jera su daga ƙarami zuwa babba za su zama 6, 8, 9, 11, 12, 14, tsakiyarsu kuma 10 ce. Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne a saita agogo a kan 10, ko ma a kan 14 don an ga an taɓa kai ta sau ɗaya. Idan ka saita 10, lissafinka da kansa ya nuna rabin zamanka zai karye kafin ƙararrawa, kuma mutumin da ke faɗuwa sau ɗaya cikin kowane biyu ba ya kai mako yana bin tsari. Ka ɗauki adadi na biyu daga ƙasa, wato 8, wanda ka kai ko ka wuce sau biyar cikin shida. Manufar ita ce ƙararrawa ta same ka kana da sauran ƙarfi, ka tashi kana jin da an bar ka da ka ƙara. Wannan sauran ƙarfin shi ne zai dawo da kai kan kujera bayan hutu. Wanda ya karanta har hankalinsa ya ƙare ƙaf kafin ya tashi, ransa ba ya son komawa, kuma ina kyautata zaton nan ne rabin matsalar hutunka take: kana shafe minti goma sha biyar na ƙarshe kana kokawa da littafi, sai hutun ya zama gudun tsira.

Na san minti 8 zai yi maka kama da wasa, musamman idan abokanka suna ba da labarin sun kwana suna karatu. Amma ka duba yadda malamin allo yake yi: ba ya rubuta wa yaro shafi guda don wani yaron ya iya shafi guda, yana ba shi gwargwadon abin da zai iya biyawa ya wanke, sai ya ga ya zauna sannan ya ƙara masa.

Sai hutu. Tsarin Cirillo na minti 25 da hutun 5 da kuma kashi biyu na binciken Maastricht duk suna ba da hutu tsakanin kashi ɗaya cikin biyar zuwa ɗaya cikin huɗu na lokacin karatu, kuma wannan ma'auni ne mai kyau a fara da shi. Karatun minti 8 zai tafi da hutun 2, na 12 da hutun 3, na 20 da hutun 4 ko 5. Ba na son hutu ya gaza minti biyu, domin ƙasa da haka ba ya isa mutum ya miƙe ya sha ruwa ya dawo. Ba na kuma son ka riƙe hutun minti biyar bayan ka rage karatu zuwa takwas, domin kusan kashi biyu cikin biyar na lokacinka zai tafi a hutu, sannan abin da ka riƙe a ka na darasin zai huce, kowane zubi ya zama sai ka sake ɗora tukunya daga farko.

Tsawon hutun ma bai kai abin da ake yi a cikinsa muhimmanci ba. Hutun da ya zarce daga minti biyar zuwa rabin awa kusan kullum abu ɗaya ne ke jawo shi: an shiga wani abin da ba shi da ƙarshe. WhatsApp da TikTok da Facebook an gina su ne a kan kada su ƙare, hira da abokan zaure ita ma haka, kwanciya a tabarma da rana kuwa ba sai na faɗa ba. Ka zaɓi abin da yake ƙarewa da kansa, kamar ka je randa ka sha ruwa, ka wanke fuska, ka taka zuwa ƙofar gida ka dawo, ko ka tsaya ka kalli nesa don idonka ya huta. Hutun kuma shi ma a saita masa ƙararrawa a `Timer`, kuma a saita ta kafin a tashi daga kujera, ba bayan an tashi ba. Yawancin ɗalibai suna sa wa karatu agogo su bar hutu ba agogo, alhali hutun ne ya fi buƙatarsa. Idan wayar ce agogonka, ka kashe data tun farkon zama. Idan akwai ƙaramar waya ko agogon tebur a gida, ya fi.

Akwai wani ɗan aiki na daƙiƙa goma da nake ganin ya fi kowace dabara taimaka wa mai gajeren zubi. Kafin ka tashi, ka rubuta layi ɗaya na abin da za ka fara da shi idan ka dawo, misali, tambaya ta 17, na samo saurin farko, saura in sa shi a lissafin nisa. Sophie Leroy ta nuna a 2009 cewa idan mutum ya bar aiki a tsakiya ya koma wani, wani ɓangare na hankalinsa yana maƙale a na farkon. Layin da ka rubuta yana sauke wannan nauyin a takarda, kuma idan ka dawo ba za ka ɓata minti biyu cikin takwas kana neman inda ka tsaya ba.

Bari mu haɗa lissafin a kan lokaci na gaske. A Sakkwato, daga idar da sallar La'asar zuwa kiran Magariba akwai wajen awa biyu ko fiye, gwargwadon lokacin shekara. Zubi huɗu na minti 8 karatun minti 32 ne, da gajerun hutu uku na minti 2, jimla minti 38. Sai dogon hutu na minti 10, sai ka sake wani zagayen na minti 38. Duka minti 86 ke nan, kuma 64 daga ciki karatu ne da hankalinka yake wurin, ga shi ka gama da sauran lokacin alwala. A tsohon tsarinka, minti 90 zubi uku ne na 25, idan ma hutun bai zarce ba, kuma a kowanne minti goman farko ne kawai kake da tabbacinsu. Sauran kana shiga kana fita. A takarda 75 ta fi 64, amma a ka ba haka ba ne. Dogon hutun nan kada ka rage shi gwargwadon yadda ka rage sauran. Wani nazari da Patricia Albulescu da abokan aikinta suka buga a 2022, wanda ya tattara bincike 22 a kan hutun da bai wuce minti goma ba, ya nuna gajeren hutu yana rage jin gajiya, amma aikin da ke cin ƙwaƙwalwa sosai yana iya buƙatar fiye da minti goma kafin ƙarfin aikin ya dawo. Saboda haka 10 ita ce mafi ƙaranci, idan zagaye na uku za ka shiga kuwa ka ba shi 15 ko 20. Lokutan salla sun riga sun yanka maka yini gida-gida, sai ka daidaita zagayenka yadda dogon hutu zai faɗa a kan salla, maimakon kiran salla ya katse maka zubi a tsakiya.

Sai dai gajeren zubi yana da iyaka, kuma iyakar tana zuwa daga irin darasin. Haddar ma'anar kalmomin Turanci, alamomin sinadarai, sassan fure a Bayoloji, ko amsa tsofaffin tambayoyi masu zaɓi, duk ƙananan gutsattsari ne da minti 8 ke isar su. Tambayoyi biyar ko shida da duba amsarsu sun cika zubi. Amma sabon babi a Lissafi ko Fiziks, inda sai ka riƙe matakai huɗu ko biyar a ka lokaci guda, yana cin minti uku ko huɗu kafin ma ka shiga cikinsa. Idan ka yanke shi a minti takwas, rabin lokacin ya tafi a shiga. Mafita biyu ce. Ta farko ka yanka aikin da kansa: zubi ɗaya na karanta misalin da littafi ya warware, na biyu na rufe littafin ka sake warware shi da kanka, na uku na sabuwar tambaya. Ta biyu ka auna wannan darasin daban, domin sau da yawa ɗalibin da hankalinsa ke tafiya a minti 8 yana karanta bayani yakan kai 15 idan biro na hannunsa yana lissafi. Ba laifi ba ne ka kasance da adadi biyu, ɗaya na karatun ido, ɗaya na aikin hannu. Hasali ma idan awonka na karatun ido ya fito ƙasa da minti biyar, ba agogo za ka gyara ba tukuna, salon karatun za ka gyara: ka riƙa rufe littafi bayan kowane sakin layi kana rubuta abin da ka tuna.

Lokacin yini ma yana canza adadin. Awon da aka yi bayan Asuba ba zai yi daidai da na ƙarfe biyun rana a watan Afrilu ba, lokacin da zafin garin nan ke haura digiri 40, haka kuma na mai azumi bayan La'asar daban yake. Idan ka ga adadinka na safe ya ninka na rana, ka kai darussa masu nauyi safe, ka bar wa rana maimaici da gajeren zubi.

Yaya za ka gane ka dace ko ba ka dace ba? Ka ja ɗan layi a takarda duk zubin da ka kammala ba tare da fita ba, ka sa sifili a wanda ya karye. Idan cikin goma kana samun sifili fiye da uku, ko kana yawan leƙa agogo don ganin saura nawa, zubin ya yi maka tsawo, ka rage minti biyu. Idan kuwa ƙararrawa tana yawan ba ka haushi don ta katse ka kana tsakiyar fahimta, ya yi gajere. A ƙa'idar Cirillo, ƙararrawa na kaɗawa ake ajiye biro, zubin da aka katse kuma ba a lissafa shi. Kashi na biyu na yarda da shi, domin shi ke sa lissafin ya zama gaskiya. Na farkon kuwa ina sassauta shi ga mai irin matsalarka: natsuwa ba ta zo maka da arha ba, don haka idan ta zo ka ƙarasa tambayar da kake kai, minti biyu ko uku, sannan ka ɗauki hutunka cikakke. Abin da ban yarda da shi ba shi ne tsallake hutun gaba ɗaya don ana jin daɗin karatu, domin zubin da ke biye yawanci shi ke biyan bashin. Hutu kuma idan ka dawo daga gare shi kana hamma, idonka na nauyi tun a mintin farko, ko dai ya yi kaɗan ne ko kuma lokacin dogon hutu ya yi. Idan ka dawo ka manta inda kake, ya yi yawa ko an cika shi da waya.

Ƙari yana zuwa a hankali. Ma'aunin da nake bayarwa, wanda daga aiki da ɗalibai na tsayar da shi, shi ne idan ka yi kwana uku a jere kana kammala aƙalla takwas cikin kowane zubi goma, ka ƙara minti biyu, daga 8 zuwa 10, zuwa 12, zuwa 14, kana daidaita hutun da su. Idan sabon adadin ya karye kwana biyu a jere, ka koma na baya ka ƙara zama a kansa. Wanda abin ya tafi masa daidai zai iya tashi daga 8 ya kai 20 cikin mako uku zuwa huɗu, wani kuma zai tsaya a 15 ya daɗe, kuma babu dole sai an kai 25. Kada ka canza tsawon karatu da tsawon hutu da lokacin yini duk a rana ɗaya, don idan abin ya gyaru ko ya lalace ba za ka san wanne ne sanadi ba.

Akwai abin da gajeren zubi ba zai koya maka ba, kuma ya shafe ka kai tsaye. Jarrabawar JAMB zama ɗaya ne na awa biyu a gaban kwamfuta, tambayoyi 180, wato 60 na Turanci da 40 a kowane ɗaya daga sauran darussa uku, kuma babu mai kaɗa maka ƙararrawar hutu. Matsakaicin lokacin kowace tambaya daƙiƙa 40 ne. Saboda haka gajerun zubi na koyo ne, amma zaman jarrabawa sai an yi masa nasa horon. Idan saura mako shida, ka ware rana ɗaya a mako ka amsa tambayoyi 40 na darasi guda cikin minti 27 ba tashi; mako biyu bayan haka ka haɗa darussa biyu; a makonni biyun ƙarshe ka yi cikakken zama na awa biyu aƙalla sau biyu. Za ka ga amsa tambaya tana riƙe hankali fiye da karanta bayani, kuma a cikin zaman kana iya ɗaukar hutun daƙiƙa ashirin a kujerarka tsakanin darasi da darasi, ka ɗauke ido daga allon kwamfuta ka ja numfashi.

Idan bayan mako uku kana barci isasshe, waya tana nesa, kana karatu da biro a hannu, amma har yanzu ba ka iya haɗa minti biyar, kuma haka abin yake tun kana ƙarami, a aji da Islamiyya da wajen aike duka, to akwai larurar ƙarancin natsuwa da likitoci suka sani kuma suke da hanyoyin taimakawa a kai. Ka yi magana da iyayenka a je a ga likita, ko a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko a asibitin tarayya da ke Kware, ka kuma tafi da takardar da ka rubuta awonka da layukanka a ciki, domin za ta nuna wa likitan yadda abin yake kwana da kwana.